Nasihi da mansuhi: tambayoyi da amsoshi kan yadda malamai suka gane hukuncin da ya shafe wani

Wanda ya daɗe yana sauraron tafsiri ya sha jin malami ya ce, "Wannan ayar mansuha ce." Galibi daga nan ake wucewa, ba a tsaya an faɗi wa ya ce haka ba, ko da wace hujja. Amsoshin da ke ƙasa sun tsaya ne a daidai wurin da ake yawan tsallakewa. Misali ɗaya zan riƙe sosai, wato iddar matar da mijinta ya rasu, domin kusan duk wata matsala ta wannan fanni tana cikinsa.

Mene ne ake nufi da shafewa?

Kalmar ta fito daga fi'ilin Larabci nasaha, kuma ba ta da alaƙa da nasihar da muka sani ta gargaɗi. Larabawa suna amfani da ita ta fuska biyu. Sukan ce rana ta yi nasahar inuwa, wato ta kawar da ita ta maye gurbinta. Sukan kuma ce marubuci ya yi nasahar littafi, wato ya kwafe shi. Ma'ana ta farko ce malaman shari'a suka ɗauka.

A wurin malaman usulu, shafewa ita ce ɗauke wani hukunci na shari'a da wani dalili na shari'a da ya zo daga bayansa. Dalilin da ya ɗauke shi ne nasihi, hukuncin da aka ɗauke kuma mansuhi. Kowace kalma a wannan ta'arifin tana da aikinta. Sai abin da aka ɗauke ya kasance hukunci ne da shari'a ta riga ta kafa, ba al'adar da mutane suka taso a kai ba. Sai wanda ya ɗauke shi ya kasance nassi, wato aya ko hadisi, ba ra'ayin malami ba. Sannan sai ya kasance daga baya ya zo, da tazara a tsakaninsu. Idan ayar tun farko ta faɗi iyakarta, kamar umarnin cika azumi zuwa dare, shigowar dare ba shafewa ba ce. Wa'adi ne ya cika.

Shin hakan ba yana nufin Allah ya canza shawara ba?

Malamai sun daɗe da raba abu biyu a nan. Akwai abin da suke kira bada'i, wato mutum ya yanke hukunci sannan wani abu da bai sani ba ya bayyana masa, sai ya janye. Wannan ba ya halatta ga Allah, domin ba abin da ke ɓuya gare shi. Shafewa daban ce. Hukuncin farko tun asali yana da ajali a ilimin Allah, mutane ne ba a faɗa musu ajalin ba sai ranar da ya cika. Likita yakan rubuta wa majinyaci magani ɗaya a makon farko, ya sauya a mako na uku, alhali tun ranar farko ya san zai sauya.

Alƙur'ani da kansa ya yi maganar. A Suratul Baƙara aya ta 106 an ce babu wata aya da za a shafe ko a mantar da ita face an zo da wadda ta fi ta ko makamanciyarta. A Suratun Nahli aya ta 101 an ba da labarin yadda kafirai suka ce Annabi (SAW) ƙirƙira yake yi idan an musanya wata aya da wata. Ka ga ashe tuhumar ba ta yau ba ce, tun a Makka aka yi ta. Kuma dole a tuna cewa wahayi ya ɗauki kimanin shekara 23 yana sauka a kan al'ummar da take canzawa: daga tsiraru marasa ƙarfi zuwa jama'a mai gari da alƙalanci da dukiyar rabo.

Kowace irin aya ake iya shafewa?

A'a. Shafewa tana shiga umarni da hani ne kawai. Ba ta shiga labari, domin ɗauke labari yana nufin labarin ƙarya ne. Ba a ce ƙissar Annabi Yusufu an shafe ta, ko siffar Aljanna da Wuta. Ba ta shiga tauhidi, ba ta taɓa ginshiƙan kyawawan ɗabi'u kamar gaskiya da riƙon amana. Ƙofarta kuma ta rufe da wafatin Annabi (SAW), tunda wahayi ya yanke. Saboda haka ijma'i ko ƙiyasi ba sa shafe aya. Iyakar abin da ijma'i yake yi shi ne ya nuna cewa akwai nassin da ya shafe.

To ta yaya aka san wacce ta riga, wacce ta biyo baya?

Nan ne ainihin aikin yake. Cewa "an shafe" magana ce ta tarihi, kuma tarihi ba a gane shi da tunani, sai da ruwaya. Kafin ma a kai ga tarihin, akwai sharaɗin da ya riga shi: dole nassoshin biyu su ci karo ta yadda ba za a iya aiki da su tare ba. Muddin akwai hanyar haɗa su, mafi yawan malamai sun ce haɗawar ake yi, domin aiki da nassi biyu ya fi jingine ɗaya.

Idan karon ya tabbata, hujja mafi ƙarfi ita ce nassin ya faɗa da bakinsa. A Suratul Anfali aya ta 65 an ce mutum ashirin masu haƙuri za su rinjayi ɗari biyu, wato ɗaya ga goma. Aya ta 66 ta fara da cewa yanzu Allah ya sauƙaƙa muku, ya san akwai rauni a cikinku, sannan ta mayar da lissafin ɗari ga ɗari biyu. Kalmar "yanzu" ita ce ta ba da tarihin, kuma Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ayar farko ta yi wa Musulmi nauyi kafin sauƙin ya sauka. Haka a Suratul Mujadala: aya ta 12 ta umarci a gabatar da sadaka kafin ganawa da Manzo, aya ta 13 ta ɗauke. A hadisi ma akwai irinsa, inda Annabi (SAW) ya ce da ya hana ziyarar ƙabari, amma yanzu a ziyarta.

Hanya ta biyu ita ce shaidar sahabin da ya ga saukar abin. Nana A'isha ta ce farkon Suratul Muzzammil ya wajabta tsayuwar dare, Annabi (SAW) da sahabbansa suka yi shekara suna yi, aka riƙe ƙarshen surar wata goma sha biyu, sannan sauƙi ya sauka tsayuwar ta koma nafila. Muslim ya ruwaito wannan. Ta faɗi wanda ya riga, ta faɗi tazarar, ta faɗi abin da ya sauya. Hanya ta uku ita ce ijma'in al'umma a kan cewa aiki ya koma kan hukunci na biyu.

Akwai abubuwan da suke kama da hujja amma ba ita ba ce. Jerin ayoyi a cikin Mus'hafi ba jerin saukarsu ba ne. Kasancewar mai ruwaya ya musulunta a makare ba ya nuna hadisinsa ne na ƙarshe, domin yana iya jin sa daga wanda ya riga shi. Maganar mai tafsiri na baya, komai girmansa, idan ba shi da ruwaya, ijtihadi ce. Suyuɗi ya kawo maganar Ibnul Hassar a kan wannan, cewa ba a dogara da maganar gama-garin masu tafsiri, kai har da ijtihadin mujtahidai, idan babu ingantacciyar ruwaya ko karo bayyananne. Dalilinsa shi ne shafewa tana ɗauke hukuncin da ya tabbata a zamanin Annabi (SAW), ba ƙaramin abu ba ne.

A ba da misali guda a bi shi daki-daki.

Mu ɗauki takaba. A Suratul Baƙara akwai ayoyi biyu a kan matar da mijinta ya rasu. Aya ta 234 ta ce su yi jira da kawunansu wata huɗu da kwana goma. Aya ta 240 ta ce a yi wasiyya ga matan, a ba su abin jin daɗi har zuwa shekara ba tare da an fitar da su ba, idan kuma sun fita da kansu to babu laifi.

Mai karatu na farko zai iya cewa ai 240 ta zo bayan 234, don haka shekara ce ta shafe wata huɗu. Kuskuren da aka yi gargaɗi a kansa ke nan. Mafi yawan malamai sun tafi a kan akasin haka: ayar shekara ce ta riga sauka, ayar wata huɗu ta biyo ta, ko da yake a rubuce ita ce a gaba. Da me suka kafa hujja?

Da farko sun duba karon. Idan aka fahimci shekarar a matsayin idda, to mace ɗaya ba za ta kasance iddarta ta ƙare a wata huɗu da kwana goma, kuma ba ta ƙare ba sai shekara. Dole ɗaya ta ba ɗaya hanya.

Sai suka nemi shaida. Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu ya tambayi Sayyidina Usmanu a kan ayar ta 240, ya ce ɗayar ayar ta shafe ta, don me ka rubuta ta? Usmanu ya amsa masa da "Ya ɗan ɗan'uwana", ya ce ba zai canza komai daga wurinsa ba. A lura da abin da Usmanu bai yi ba: bai ce masa ayar ba a shafe ta ba. Ya bar maganar shafewar yadda take, ya amsa batun rubutu kawai. Wannan ruwayar ta nuna abu biyu a lokaci guda, cewa sahabbai sun san wacce ta shafe wacce, kuma cewa jerin ayoyi ba da ra'ayinsu suka yi shi ba.

Sannan suka duba aikin Annabi (SAW). Ummu Salama ta ruwaito cewa wata mata ta zo ta ce 'yarta mijinta ya rasu, idonta yana ciwo, ko a sa mata kwalli? Ya hana, sannan ya ce ai wata huɗu ne kawai da kwana goma, alhali a jahiliyya ɗayarku sai ƙarshen shekara take jefa kashin dabba. Zainab 'yar Abu Salama ta yi bayanin wannan al'ada: matar takan shiga ɗan ƙuntataccen ɗaki, ta sa mafi munin tufafinta, ba ta taɓa turare sai shekara ta zagayo. Hadisin ya nuna inda tafiyar ta dosa, daga shekara zuwa ƙasa da ita, ba daga wata huɗu zuwa sama ba.

Saura ɓangaren wasiyyar ciyarwa na shekara guda. Wannan sun ce ayar gado ce ta ɗauke shi, wato Suratun Nisa'i aya ta 12, wadda ta ba matar rubu'i idan mamacin bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari. Ka ga aya ɗaya, amma nasihi biyu: tsawon lokaci ya tafi da ayar Baƙara, haƙƙin dukiya ya tafi da ayar Nisa'i.

Kowa ya yarda da wannan?

Ba kowa ba, kuma wanda ya saɓa ba ƙaramin mutum ba ne. Mujahid, ɗalibin Ibn Abbas, ya ce ayoyin ba su ci karo ba. A wurinsa wata huɗu da kwana goma ita ce iddar da ta wajaba a kan matar. Ayar shekara kuwa ba wajibi ta ɗora mata ba, haƙƙi ta ba ta: bayan iddar tana da sauran wata bakwai da kwana ashirin, cikon shekara, in ta so ta zauna a gidan mijin ba mai korar ta, in ta so ta fita. Buhari ya kawo wannan a kusa da ruwayar Usmanu. Ibn Kasir ya ambata cewa wasu malamai sun zaɓi wannan fahimta, cikinsu har da Ibn Taimiyya.

Idan ka sake karanta lafazin ayar za ka ga Mujahid yana da abin riƙewa. Aya ta 234 tana magana da matan, ta ce su yi jira. Aya ta 240 tana magana a kan abin da za a yi musu, kada a fitar da su, kuma ta ce idan sun fita babu laifi. Idda kuwa ba a ba mace zaɓin barin ta. A nawa ganin wannan hujja ce mai nauyi, kuma ruwayar Ibn Zubairu ita ma tana da nata nauyin, shi ya sa saɓanin bai mutu ba.

Abin lura shi ne ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan tsawon idda ba. Duk sun ce wata huɗu da kwana goma. Inda suka rabu shi ne matsayin sauran watannin, da kuma sunan da za a ba alaƙar ayoyin. Saɓani da yawa a wannan fanni haka yake.

Mai ciki fa? Ai akwai aya ta uku.

Akwai. Suratuɗ Ɗalaƙi aya ta 4 ta ce masu ciki ajalinsu shi ne su haihu. To matar da mijinta ya rasu tana da ciki ta shiga ƙarƙashin ayoyi biyu. An ruwaito daga Sayyidina Ali da Ibn Abbas cewa ta yi mafi tsawon wa'adin biyu, domin ta cika duka. Ibn Mas'ud ya bi ta tarihi, ya ce gajeriyar surar mata, yana nufin Ɗalaƙi, ta sauka bayan doguwar, wato Baƙara. Abin da ya yanke maganar a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai, shi ne labarin Subai'a al-Aslamiyya. Mijinta Sa'adu ɗan Haula ya rasu a Hajjin Bankwana, ta haihu ba da daɗewa ba. Abus Sanabil ya ce mata ba za ta yi aure ba sai wata huɗu da kwana goma sun cika. Ta je ta tambayi Annabi (SAW), ya ce ta halatta tun da ta haihu.

Shin wannan shafewa ce? Jumhur sun ce a'a, keɓancewa ce, abin da ake kira tahsisi. Ayar Baƙara tana nan da hukuncinta a kan duk mai takaba, an dai cire mai ciki daga cikinta. Hanafawa kuwa, a ƙa'idarsu, idan keɓancewa ta zo daga baya da tazara sukan ƙirga ta a matsayin shafewar wani sashe. Hukuncin matar ɗaya ne a wurinsu duka. Amma mai ƙirga ayoyin da aka shafe, wani zai sa wannan a lissafi, wani ba zai sa ba.

Shi ya sa adadin ya bambanta haka?

Yana cikin dalilai, amma babban dalilin ya fi wannan daɗewa. Sahabbai da tabi'ai suna amfani da kalmar da faɗi. Duk abin da ya taɓa zahirin aya, ya ƙayyade ta, ya togace wani abu daga cikinta, ko ya bayyana abin da take nufi, sukan kira shi shafewa. Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan hijira, ya yi bayanin wannan a Muwafaƙat, Ibn Taimiyya ma ya yi. An ruwaito daga Ibn Abbas, misali, cewa ayar da ta zargi mawaƙa a ƙarshen Suratush Shu'ara'i an shafe ta da ayar da ta ce "sai dai waɗanda suka yi imani". Wannan togaciya ce a ma'aunin malaman usulu. Haka ƙarshen Baƙara: da aka ce Allah zai yi hisabi a kan abin da ke cikin zukata, sahabbai suka shiga damuwa, sai aka saukar da cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Sun kira wannan shafewa, wasu malamai na baya suka ce bayani ne.

Matsalar ta taso ne da masu tattara littattafai suka kwaso waɗannan maganganu suka karanta su da ma'anar da ta zo daga baya. Abu Ubaid, wanda ya rasu a 224, da Nahhas, 338, da Hibatullahi ɗan Salama, 410, duk sun yi rubutu a fannin, kuma a hannun wasunsu lissafin ya haura ɗari biyu. Ibnul Jauzi, 597, ya rubuta nasa littafin yana bin da'awoyin ɗaya bayan ɗaya, ya rushe da yawa. Suyuɗi, 911, ya tace su a Itƙan ya tsaya a wajen ashirin. Shah Waliyyullahi na Dihli, 1176, ya bi ashirin ɗin nan ya bar biyar kawai: ayar wasiyya, ayar takaba ta shekara, ayar ɗaya ga goma, ayar da ta hana Annabi (SAW) ƙarin aure a Ahzabi, da ayar sadakar ganawa. A can gefe kuma an jingina wa Abu Muslim al-Asfahani, 322, cewa babu ayar da aka shafe a cikin Alƙur'ani, duk keɓancewa ce. Jumhur ba su bi shi ba.

Gaskiya ne ayar takobi ta shafe ayoyin haƙuri da afuwa?

Wannan ita ce da'awar da ta fi kumbura lissafin, kuma ita ce ta fi buƙatar a yi mata tsanaki. Ayar takobi ita ce ta 5 a Suratut Tauba. An samu masu cewa ita kaɗai ta shafe ayoyi 124. Da ka ɗora ma'aunin da ya gabata a kansu sai ka ga mafi yawa ba su tsaya ba. Har ayar ƙarshen Suratut Tini, mai cewa ashe Allah ba shi ne mafi hukuncin masu hukunci ba, an sa a jerin, Suyuɗi ya ce ba haka ba ne. Ta yaya za a ɗauke siffar Allah? An sa "ku faɗa wa mutane kyakkyawar magana" ta Baƙara aya ta 83, alhali labari ne na alƙawarin da aka ɗauka daga Bani Isra'ila. An sa aya ta 8 ta Mumtahana, wadda ba ta hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, Ɗabari ya ƙi amincewa da hakan.

Zarkashi, wanda ya rasu a 794, ya ba wannan nau'in wani suna, munsa'u, wato abin da aka jinkirta. Hukunci ne da ke rataye da dalili: idan dalilin yana nan ana aiki da shi, idan ya gushe a koma ɗayan, idan ya dawo hukuncin ya dawo. Mansuhi na gaskiya ba ya dawowa. Babu ranar da za a sake fuskantar Baitul Maƙdis a salla. Haƙuri da afuwa da sulhu kuwa ba su bar shari'a ba. Ayar da ke bin ayar takobin kai tsaye ma tana umartar a ba mushiriki mafaka idan ya nema, a kai shi inda zai aminta.

Hadisi zai iya shafe aya?

Aya ta shafe aya, hadisi ya shafe hadisi, a kan waɗannan babu gardama tsakanin masu yarda da shafewa. Aya ta shafe abin da ya tabbata da sunna ma jumhur sun yarda, misalinsa alƙibla: an yi wata goma sha shida ko sha bakwai a Madina ana fuskantar Baitul Maƙdis, sai aya ta 144 ta Baƙara ta juyar da ita zuwa Ka'aba. Inda aka ja daga shi ne hadisi ya shafe aya. Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204, ya ce a Risala Alƙur'ani ba abin da ke shafe shi sai Alƙur'ani, aikin sunna shi ne bayani. Hanafawa da Malikawa da yawa sun halatta idan hadisin mutawatiri ne, wato wanda jama'a masu yawa suka ruwaito daga jama'a masu yawa tun daga farko, Hanafawa suka ƙara da mashhuri, wato wanda ya yaɗu bayan zamanin sahabbai.

Filin gwajin shi ne Baƙara aya ta 180, wadda ta wajabta wasiyya ga iyaye da dangi. Masu halattawa sun ce hadisin "babu wasiyya ga magaji" ne ya shafe ta. Masu hanawa sun ce ayoyin gado ne suka shafe, hadisin shaida ne kawai a kan hakan. Wasu kuma sun ce ayar ba ta tafi gaba ɗaya ba, tana nan a kan dangin da ba sa gado.

Me ya sa aka bar ayar da aka shafe a cikin Mus'hafi?

Domin hukuncin ne aka ɗauke, ba kasancewarta maganar Allah ba. Ana karanta ta a salla, ana samun ladan kowane harafi, kuma tana tunatar da sauƙin da aka yi. Malamai sun ambaci wasu nau'i biyu ban da wannan: wanda karatunsa ya tafi hukuncinsa ya saura, suna kafa misali da ayar jifa da Sayyidina Umar ya ambata a huɗubarsa, da wanda duka biyun suka tafi, kamar ayar shayarwa goma masu haramta aure da Nana A'isha ta ambata. Wasu malamai sun yi jayayya a kan waɗannan, suna cewa ba a tabbatar da Alƙur'ani da ruwayar ɗaiɗaikun mutane.

Idan na ga an rubuta "mansuha ce" a littafin tafsiri, me ya kamata in duba?

Ka fara da tambayar wa ya faɗa, kuma da wace ma'ana. Sannan ka duba ko ayar hukunci ce ko labari, ko ayoyin sun ci karo da gaske, ko akwai ruwayar da ta nuna wadda ta riga. Gwada wannan a kan Baƙara aya ta 184, mai cewa waɗanda suke iya azumi da wahala su ba da fansar ciyar da miskini. Salamatu ɗan Akwa'u ya ce lokacin da ta sauka, wanda ya so sai ya sha azumi ya ciyar, har ayar da ke bayanta ta sauka ta shafe ta. Wannan shaida ce ta wanda ya gani, ga na farko ga na biyu. Amma Ibn Abbas ya ce ba a shafe ta ba, ta tsoho ce da tsohuwa waɗanda ba sa iya azumi, su ciyar da miskini a madadin kowace rana. Duka ruwayoyin suna cikin Buhari.

Kada ka yi gaggawar cewa ɗaya ya yi kuskure. Salamatu yana magana ne a kan lafiyayyen da ke zaune a gida, wanda a da yake da zaɓi tsakanin azumi da ciyarwa. Wannan zaɓin ya tafi, kuma babu malamin da ya ce yana nan. Ibn Abbas yana magana a kan wanda tsufa ya ci ƙarfinsa, shi kuwa aya ta 185 ba ta ɗora masa abin da ba zai iya ba. Abin da ya rage tsakanin mazhabobi shi ne matsayin ciyarwar tsohon: Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun wajabta ta, Imam Malik kuwa ya ce abin so ce, ba wajibi ba.